Daren da GitLab ta buɗe ma'ajiyarta ta tarar da wayam

Da misalin ƙarfe 11:30 na daren Talata, 31 ga Janairun 2017, agogon GMT, wani injiniyan kamfanin GitLab ya ba kwamfuta umarnin ta share wata folda. Yana aiki ne a kan manyan kwamfutoci biyu masu suna kusan iri ɗaya, db1 da db2. Ta biyun yake nufi, amma umarnin a kan ta farkon ya sauka, wadda ita ce uwar rumbun bayanan kamfanin. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya farga ya tsayar da aikin, sai dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga bayanai kimanin gigabait 300, abin da ya saura bai wuce gigabait 4.5 ba.

GitLab ba ƙaramin shago ba ne. Dandali ne da masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya suke ajiye aikinsu, suna tattaunawa a kansa, suna bin diddigin gyare-gyare. Ma'aikatansa ƙwararru ne, kuma ba za a ce sun yi sakaci da batun kwafin ajiya ba, domin hanyoyi har biyar suka tanada don irin wannan rana. Abin da ya sa har yau ake karantar da labarin shi ne abin da ya biyo bayan sharewar. Da suka juya ga hanyoyin nan biyar, sai suka tarar babu ko ɗaya da take aiki yadda suka zata. Kamfanin bai ɓoye ba. Ya buɗe takardar da injiniyoyinsa suke rubuta abin da ke faruwa kowa yana gani, ya haska aikin ceton kai tsaye a YouTube, daga baya kuma ya fitar da cikakken bayani. Saboda wannan gaskiya tasu ne muke iya bin sawun lamarin daki-daki.

Yadda ƙofofin suka rurrufe

Hanya ta farko ita ce db2 ɗin kanta. Aikinta ta riƙa kwaikwayon db1, duk abin da aka rubuta a can ya bayyana a nan. A ranar kuwa wasu masu watsa saƙonnin banza sun yi wa dandalin lodi, har db2 ta kasa bin sawu, aka bar ta a baya ƙwarai. Maganin irin wannan shi ne a share abin da ke cikinta a sake cika ta daga uwar. An kuwa share ta, ana fama da sake cikawar ne aikin ya ƙi tafiya, kuma a cikin wannan faman, da dare ya yi nisa, injiniyan ya yi kuskuren. Ke nan a lokacin da uwar ta faɗi, mataimakiyar fanko ce. Ko da ma tana cike, irin wannan kwaikwayo an yi shi ne don ranar da na'ura ta mutu. Idan mutum ya share wani abu a cikin rumbun, ko ya rubuta ɓarna, mai kwaikwayo yakan kwaikwayi ɓarnar ita ma nan take.

Hanya ta biyu ce ta fi dacewa da batunmu, don haka zan daɗe a kanta. An tsara cewa kowane awa 24 wata manhaja mai suna `pg_dump` za ta kwashe dukan rumbun bayanan ta zuba a fayil, a tura shi ma'ajiyar Amazon da ake kira S3. Da aka leƙa ma'ajiyar a daren, babu komai a ciki. Dalilin kuwa ƙarami ne ainun. Rumbun bayanan yana gudana ne a kan PostgreSQL zubi na 9.6, amma kwamfutar da aka ɗora wa aikin kwafi tana amfani da `pg_dump` na zubin 9.2. Tsohon zubi ba ya yarda ya kwashi bayanai daga sabo. Da ya ga bambancin sai ya ba da saƙon kuskure ya tsaya. Haka yake yi kullum, ya tashi a kan lokaci, ya ƙi aiki, ya koma.

To, ina saƙon kuskuren yake zuwa? An tsara a aika shi ta imel. Amma imel ɗin ba ya ɗauke da shaidar tantancewar da tsarin DMARC yake nema, wato tsarin da ke tace wasiƙun bogi, don haka kwamfutar da ke karɓar wasiƙu takan mayar da shi. Ƙararrawar tana kaɗawa, babu kunnen da take isa. Ma'aikatan kuwa suna ganin shiru, suka ɗauki shirun a matsayin lafiya.

Sauran hanyoyin ba su da dogon labari. Kamfanin Microsoft, wanda GitLab take hayar kwamfutoci a dandalinsa na Azure a lokacin, yana da tsarin ɗaukar hoton faifai gaba ɗaya. An kunna shi ga wasu kwamfutocin, ba a kunna wa na rumbun bayanai ba, bisa zaton sauran hanyoyin sun wadatar. Akwai kuma wani hoton faifan da ake ɗauka sau ɗaya a yini don cika kwamfutar gwaje-gwaje, wanda tun asali ba don ceto aka yi shi ba.

Abin da ya cece su sa'a ce. Kimanin awa shida kafin sharewar, da ƙarfe 5:20 na yamma, wani injiniya ya ɗauki irin wannan hoton da hannunsa saboda wani gwaji da yake son yi. Da shi aka farfaɗo da dandalin. Duk abin da aka shigar a rumbun bayan wannan lokaci ya tafi: kimanin ayyuka 5,000, sharhi 5,000 da sababbin asusu 700, bisa ƙiyasin kamfanin. Ainihin rubutun manhajojin mutane bai salwanta ba, domin a wani wuri daban ake ajiye shi. Sannan dawo da bayanan ya ci kusan awa 18, saboda kwamfutar gwaje-gwajen tana kan faifai masu arha da nawa, waɗanda ba sa wuce kimanin megabit 60 a daƙiƙa.

A bayanin da suka fitar, sun tambayi kansu dalilin da ya sa ba a taɓa gwada dawo da bayanan a kai a kai ba. Amsar da suka bayar ita ce babu wani takamaiman mutum da aka ɗora wa alhakin. A ganina wannan ita ce jijiyar lamarin, ta fi kuskuren yatsan injiniya nauyi nesa ba kusa ba. Duk mai aiki da dare a gajiye zai iya buga umarni a inda bai dace ba. Amma da wani ya taɓa zama sau ɗaya tak ya ce bari in ɗauko kwafin jiya in dawo da shi in gani, da a cikin minti biyar ya gano ma'ajiyar wayam take, tun ana zaune lafiya.

Yin kwafi daban, dawo da shi daban

Mutane da yawa suna ɗauka cewa dawo da bayanai juyin yin kwafi ne kawai, kamar fita da shiga ta ƙofa ɗaya. Ba haka ba ne. Yin kwafi yana faruwa ne ranar da komai ke aiki: kwamfutar tana nan, manhajar tana kanta, kalmomin sirri suna ajiye a ciki, wanda ya haɗa tsarin yana ofis. Dawowa kuwa tana faruwa ne ranar da wasu daga cikin waɗannan, ko dukansu, suka ɓace. Shi ya sa saƙon da ke cewa an kammala kwafi cikin nasara ba ya tabbatar da abu mai yawa. Iyakar abin da yake faɗa shi ne manhajar ta gama abin da aka ce ta yi. Bai ce an kwafi foldar da ta dace ba, bai ce faifan da aka zuba a kai lafiyarsa ƙalau ba, bai kuma ce akwai wanda ya san mabuɗin buɗe shi ba.

Har ma dawowar tana iya kammaluwa alhali abin da ya dawo gurgu ne. Kamfanin Pixar ya ɗanɗana wannan a 1998, lokacin da ake haɗa fim ɗin Toy Story 2. Wani umarnin sharewa ya cinye kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin. Aka ɗauko kaset-kaset na ajiya aka dawo da aikin, kowa ya koma bakin aikinsa. Sai bayan kwanaki aka fara lura cewa abubuwa ba su daidaita ba, wasu gyare-gyaren da aka san an yi babu su. Ashe tsarin ajiyar ya daɗe da samun matsala ba a sani ba. Abin da ya fitar da su shi ne kwafin da ke kan kwamfutar Galyn Susman, ɗaya daga cikin shugabannin sashen fasaha na fim ɗin, wadda take aiki daga gida saboda ta haihu. Darasin da ke nan ya ɗara na GitLab da mataki ɗaya: ganin fayiloli sun dawo bai isa ba, sai an buɗe su an tabbatar su ne, kuma na kwanan nan ne.

Gwajin kansa, a wani kantin magani

Mu sauko daga manyan kamfanoni. A ɗauka akwai wani kantin magani mai kwamfuta ɗaya a kan kanta. A cikinta akwai manhajar da ke riƙe da lissafin kaya, ranar lalacewar kowane magani, cinikin yau da kullum, da sunayen asibitoci da ƙananan kantunan da ake bi bashi. Wanda ya saka manhajar ya tsara ta tana yin kwafi kowane dare da ƙarfe tara zuwa wani faifai na waje da ke maƙale a bayan kwamfutar. Mai kantin ya san da haka, hankalinsa a kwance. Ga yadda zai gane ko kwanciyar hankalin tana da tushe.

Kafin a taɓa komai, a ɗauki biro da takarda a rubuta abubuwa kaɗan daga kwamfutar da ke aiki, a daidai lokacin rufe kanti: lambar rasit na ƙarshe, jimillar cinikin ranar, adadin nau'o'in magungunan da ke cikin lissafi, da bashin da ke kan mutum biyu ko uku. A ce rasit na ƙarshe lamba 18,406 ne, cinikin ranar naira 412,500, nau'o'in kaya 1,930. Waɗannan su ne ma'aunin. Idan babu su, gobe za a dawo da bayanai a kalle su a ce ai ga su nan, ba tare da an san ko na jiya ne ko na watan jiya ba.

Washegari a nemo wata kwamfuta daban. Wannan sharaɗi ne da ba a sassauta shi, saboda dalili biyu. Na farko, dawo da kwafi a kan kwamfutar da ake aiki da ita yana iya danne bayanan gaskiya da tsofaffi ko lalatattu, gwaji ya zama shi ne bala'in. Na biyu, kwamfutar asali tana ɗauke da abubuwan da ke rufa wa kwafin asiri: manhajar tana kanta, lasisinta yana ciki, kalmar sirri tana ajiye. Ranar da ɓarawo ya ɗauke ta, ko wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona ta, duk waɗannan sun tafi tare da ita. Kwamfutar gwajin kuma kada a haɗa ta da intanet idan manhajar tana aika saƙonni ga abokan ciniki, don kada ta tashi ta fara tura wa mutane tsofaffin sanarwar bashi.

Sannan wanda zai yi gwajin kada ya zama wanda ya haɗa tsarin. A ba yaron kanti ko akawu, a miƙa masa faifan da takardar matakai, shi kuma injiniyan ya zauna gefe ya kama bakinsa. Duk inda yaron ya tsaya ya ce, “Oga, nan yana tambayar kalmar sirri,” ko “Yallaɓai, wanne zan zaɓa a cikin fayilolin nan uku?”, to an gano rami a cikin takardar, sai a cike shi nan take. Injiniya yakan tsallake irin waɗannan wurare ba tare da ya lura ba, domin amsoshin suna kansa. Ranar da abin zai faru kuwa mai yiwuwa yana kan hanyar Abuja, ko ya bar aikin tun bara. A duba agogo a rubuta lokacin da aka fara.

Tun kafin a dawo da komai, kallon foldar ajiyar kaɗai yana fallasa abubuwa da yawa. A jera fayilolin bisa kwanan wata, a dubi na ƙarshe. Idan na daren jiya ne, madalla. Idan na watanni huɗu da suka wuce ne, sai a tambayi abin da ya faru a lokacin. Sau da yawa amsar ba ta wuce cewa an fara rufe kanti da ƙarfe takwas da rabi ana kashe kwamfutar kafin tara ta yi, ko an zare faifan an mayar sai Windows ta canza masa harafi daga `E:` zuwa `F:`, manhajar kuma tana ta neman `E:`. Daga nan a dubi girman fayilolin. Kantin da ke ciniki kullum, kwafinsa ya kamata ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan: megabait 840 shekaranjiya, 842 jiya. Idan aka ga ya faɗo daga 840 zuwa kilobait 1, ko sifili, fayil ɗin suna ne kawai babu ciki. Injiniyoyin GitLab ma sun ci karo da fayilolin ajiya da ba su wuce 'yan bait ba.

Sai a saka manhajar a kwamfutar gwaji a dawo da kwafin. A nan ne ake gano ko faifan saka manhajar yana nan, ko zubin da ake samu yanzu yana karɓar fayil ɗin tsohon zubi, ko lasisin yana yarda da sabuwar kwamfuta. Idan rumbun bayanan PostgreSQL ne kamar na GitLab, zuciyar gwajin ba ta wuce layi uku ba:

```
createdb gwaji
pg_restore --dbname=gwaji ajiya.dump
psql gwaji -c "SELECT count(*), max(lamba) FROM rasit;"
```

Layin farko yana buɗe sabon rumbu fanko mai suna gwaji. Na biyu yana zuba kwafin a cikinsa. Na uku yana tambayar rasit nawa ne a ciki, kuma wace ce lamba mafi girma. Sunayen `rasit` da `lamba` misali ne, kowace manhaja da nata. Wanda manhajarsa take da maɓallin dawowa a cikinta ba ya bukatar rubuta komai, amma tambayar ɗaya ce. Idan amsar ta fito 18,406, ta dace da takardar jiya. Idan ta fito 17,950, kwafin yana buɗuwa amma ya tsufa da rasit 456, kuma dole a gano dalili.

Kada a tsaya a lamba ɗaya. A shiga manhajar kamar ranar aiki, a nemo bashin mutanen nan da aka rubuta, a buga rahoton cinikin jiya a ga ko ya ba da naira 412,500, a buɗe wani rasit na shekara biyu da suka wuce. A kuma nemi abubuwan da ke zaune a wajen rumbun bayanan, domin su ne aka fi mantawa: hotunan takardun kaya da aka ɗauka, takardun lasisi, fayil ɗin albashi da akawu yake ajiyewa a fuskar kwamfuta. Sau da yawa tsarin kwafin yana ɗaukar folda ɗaya ce da aka nuna masa shekaru uku da suka wuce, alhali aikin ya daɗe da ƙaura zuwa wata.

Ga fayiloli zube kamar hotuna da takardu, ba zai yiwu a buɗe dubu goma ɗaya bayan ɗaya ba. Sai a gwada adadinsu da jimillar girmansu a ɓangarorin biyu, a buɗe kamar ashirin da aka tsinto daga shekaru daban-daban. Ga fayil mai muhimmanci ƙwarai akwai hanyar da ta fi ido tabbaci. Kwamfuta tana iya lissafa wa kowane fayil wata doguwar lamba daga abin da ke cikinsa, wadda take canzawa gaba ɗaya idan ko harafi ɗaya ya sauya. A Windows ana samunta da wannan umarni:

```
certutil -hashfile albashi.xlsx SHA256
```

A yi wa na asali, a yi wa wanda aka dawo da shi. Idan lambobin biyu sun zo ɗaya, fayilolin ɗaya ne har ƙwayar ƙarshe. Iyakar wannan hanya ita ce tana tabbatar da kwafi ya yi daidai da asali ne kawai. Idan asalin ya riga ya lalace kafin a kwafe shi, lambobin za su dace, fayil ɗin kuma ba zai buɗu ba. Don haka ba ta maye gurbin buɗewa da dubawa.

Akwai wata matsala da ta zama ruwan dare a kasuwanninmu, wato filas da katin memori na jabu. An yi musu dabara suna nuna wa kwamfuta cewa girmansu gigabait 64 ne ko 128, alhali ainihin abin da ke ciki bai wuce 8 ba. Muguntar abin ita ce kwafi yana tafiya lafiya, sunayen fayiloli suna bayyana, girmansu ma yana nuna daidai. Amma duk abin da ya haura ainihin girman ya tafi iska, ko ya danne na farko. Sai ranar da aka buɗe hoto aka ga toka-toka, ko takarda ta ce ta lalace. Duba jerin sunaye ba ya kama wannan. Manhajar H2testw a Windows, ko F3 a Linux, tana cika na'urar da bayanai har baki sannan ta karanta su ta faɗi nawa ne suka dawo daidai. A yi wannan tun na'urar tana sabuwa, kafin a ba ta amanar komai.

Lokaci ma abin gwadawa ne

Da aka gama sai a sake duba agogo. A ce aikin ya ci awa uku da rabi, ciki har da minti arba'in na neman kalmar sirri. Yanzu mai kantin ya san abu biyu da da bai sani ba. Ya san idan kwamfutar ta mutu zai yi rabin yini yana rubuta ciniki a littafi. Ya kuma san cewa, tunda sau ɗaya ake kwafi a dare, idan ta mutu da ƙarfe biyar na yamma cinikin ranar gaba ɗaya sai an sake shigar da shi daga rasit na takarda. Ko ya yarda da wannan ko bai yarda ba, shawara ce ta kasuwanci da shi zai yanke, amma yanzu da ido buɗe zai yanke ta.

Masu ajiya a intanet su fi kowa kula da wannan lissafi. Bayanai sukan hau sama kaɗan-kaɗan cikin watanni, ba a jin nauyinsu, amma ranar dawowa gaba ɗaya ake bukatarsu. Gigabait 200 a kan layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa zai ci sama da awa 44, in har layin bai yanke ba, wuta ba ta ɗauke ba, data kuma ba ta ƙare ba. Awa 18 na GitLab daga irin wannan lissafin suka fito, wanda ba a yi shi ba sai a ranar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sau nawa za a yi gwajin? Ga ƙaramin kanti ko makaranta, ni zan ce cikakken gwaji sau ɗaya a wata uku, duba kwanan wata da girman fayil kuma kowane mako, tunda wannan ba ya cin minti biyu. Amma abin da ya fi kalanda muhimmanci shi ne canji. Duk ranar da aka sabunta manhaja, aka sauya kwamfuta, aka canza kalmar sirri, aka sayi sabon faifai, ko ma'aikacin da ke kula da abin ya tafi, gwajin baya ya tashi daga aiki. Tsarin da ya yi shekara yana tafiya daidai, irin waɗannan ranaku ne yake karyewa, kuma ba ya yin ƙara idan ya karye.

Saboda haka ne ma ya kamata a juya yadda ake sa ido. Tsarin da ke aiko saƙo idan an samu matsala kaɗai, shirunsa yana da ma'ana biyu: ko lafiya, ko shi kansa mai kawo labarin ya mutu. Gara tsarin da ke cewa kullum an yi kwafi, ga girmansa, ga lokacinsa, sannan a sa wani mutum takamaimai, mai suna, wanda zai tashi tsaye ranar da saƙon bai zo ba. A kanti wannan yana iya zama littafi a gefen kwamfuta, inda ake rubuta kwanan wata da girman fayil da sa hannu duk ranar Asabar. GitLab ma bayan abin da ya faru, cikin gyare-gyaren da ta sa a gaba akwai sa ido a kan kwafin ta hanyar ma'auni da ake gani, da gwajin dawowa da kwamfuta za ta riƙa yi da kanta, da kuma naɗa wanda alhakin dorewar bayanai yake wuyansa.

Wayar da ke aljihunka

Mafi yawan masu karanta wannan ba su da rumbun bayanai, amma suna da waya, kuma a cikinta akwai hotunan iyali, lambobin abokan hulɗa, da hirarrakin WhatsApp da suka zama shaidar ciniki da bashi. Gwajin hotuna da lambobi mai sauƙi ne. Ka ajiye wayarka gefe kamar an sace ta, ka ɗauki kwamfuta ko wayar wani na gida da ka amince da shi, ka yi ƙoƙarin shiga asusunka na Google ko iCloud. A nan mutane da yawa suke gano cewa ba su san kalmar sirrin ba, domin mai shagon da ya saita musu wayar ne ya buɗe asusun, ko kuma lambar tabbatarwa tana zuwa ne ga layin da suka daina amfani da shi tun tuni. In ka shiga, ka nemi hoton da ka ɗauka jiya da wanda ka ɗauka shekara uku baya, ka buɗe su. Idan na jiya babu, wataƙila ma'ajiyar ta cika, tunda gigabait 15 Google take bayarwa kyauta kuma Gmail da Drive da hotuna duk a ciki suke ci, ko kuma an saita wayar kada ta tura komai sai a kan Wi-Fi, wanda ba ta taɓa samu ba. Ka fita daga asusun kafin ka mayar da wayar mutane.

WhatsApp ya fi wuya, domin ba shi da hanyar gwaji marar haɗari: kwafinsa ba ya buɗuwa sai lokacin da ake saka manhajar sabuwa, da lambar waya ɗaya da asusu ɗaya. Kada ka goge manhajar don gwaji kawai, domin in kwafin bai yi ba ka jawo wa kanka asarar da kake gudu. Abin da za ka iya shi ne ka shiga `Settings`, sannan `Chats`, sannan `Chat backup`, ka karanta kwanan watan kwafin ƙarshe da girmansa da asusun da yake zuwa, ka kuma duba ko an kunna haɗawa da bidiyo. Idan ka kulle kwafin da kalmar sirri ko mabuɗi mai lamba da harafi 64, ka rubuta shi a takarda ka adana a gida, domin in wayar ta tafi kuma ka manta shi, kamfanin kansa ba zai iya buɗe maka ba. Gwajin gaskiya yana zuwa ne ranar sauya waya, don haka a ranar kada ka sayar da tsohuwar, kada ka goge ta, kada ka ba ƙaninka, sai ka ga hirarrakin sun bayyana a sabuwar, ka gangara zuwa tsofaffin saƙonni, ka kunna saƙon murya ɗaya ko biyu ka ji suna magana.